Layi 14, aya ɗaya tak: yadda na yi da 'yan refetisyon ɗina a Garwa

A watan Janairu ne, bayan hutun ƙarshen shekara, wata maƙwabciyata ta turo min kayen ɗanta, wato littafinsa na rubutu, ta ce in duba mata don ita ba ta gane abin da metir ɗinsu, malamin ajinsu, yake nufi da jan bik ɗin da ya cika shafi da shi ba. Yaron yana aji shida, wanda muke ce wa CM2 a nan Kamaru, wato a wannan shekarar zai zauna jarrabawar CEP ta kammala firamare da konkur na shiga siziyem, ajin farko na sakandare. Na buɗe kayen na ga redaksiyon guda, wato insha'i, layi 14, babban baƙi ɗaya tak a farko, aya ɗaya tak a can ƙarshe, tsakaninsu kuwa babu komai, magana ce kawai ta kwararo kamar an buɗe famfo. Metir ɗin ya rubuta masa a gefe cewa ya kula da alamomi. To ya kula da su ta yaya? Yaron ya san sunayensu fa, da na tambaye shi ya jero min su da Faransanci tas, fwan, birgil, har da ire-iren jimla huɗu ya rero min kamar karatun allo.

Ni ina yin refetisyon, wato ƙarin darasi bayan makaranta, a zauren gidanmu ranar Laraba da yamma, tunda ranar ana tashi lakol da wuri, da kuma Asabar da safe. Yara 23 ne a lokacin, 'yan aji biyar da aji shida daga makarantu daban daban na unguwa, kusan dukkansu Hausa suke yi a gida, Fulatanci a titi da kasuwa, Faransanci a aji. Shi ya sa nake yin bayanin da Hausa tukuna sannan mu ƙetara zuwa Faransanci, kuma misalan da zan kawo a nan na Hausar ne. Abin da zan ba da labari ya ɗauke mu sati 8, daga tsakiyar Janairu zuwa farkon Maris lokacin da zafin Garwa ya fara hana mu zaman yamma.

Abu na farko ban koyar da komai ba. Na ce kowa ya rubuta min layi 10 da Hausa kan ranar da aka aike shi kasuwa, minti 20, ban ce uffan kan alama ba. Da dare na zauna da takardun na ware su. Yara 9 sun yi irin na ɗan maƙwabciyata, aya ɗaya a ƙarshe ko babu gaba ɗaya. Yara 6 suna sa aya a ƙarshen kowane layin kaye, ko maganar ta ƙare ko ba ta ƙare ba, su a ganinsu inda takarda ta ƙare nan aya take. Wasu 5 sun zuba waƙafi ko'ina, bayan kowace kalma uku ko huɗu. Sauran 3 ne kawai rubutunsu ya karantu ba tare da na sha wahala ba. Alamar tambaya kuwa, a cikin takardu 23 sau 4 na gan ta, alhali kusan kowa ya sa ciniki a labarinsa, wato akwai "nawa ne" a ciki. Kuma biyu daga cikin huɗun sun juya ta baya ta kalli dama, irin ta Larabci, don a Islamiyya suka fi ganinta.

Ga ɗaya daga cikinsu yadda yake, na gyara rubutun kalmomin kawai:

"inna ta aike ni kasuwa sai na tafi sai na ga mai tumatir sai na ce nawa ne kashi sai ya ce dala ashirin sai na ce kai ya yi tsada rage min sai ya ce kawo sha biyar sai na ba shi sai na dawo gida"

Duba da kyau, duk ire-iren jimla huɗu suna cikin wannan ɗan rubutun. Akwai bayani, "Inna ta aike ni kasuwa." Akwai tambaya, "Nawa ne kashi?" Akwai motsin rai, "Kai, ya yi tsada!" Akwai umarni har biyu, "Rage min" da "Kawo sha biyar." Yarinyar da ta rubuta ta iya dukkansu a baki, babu wanda zai koya mata yadda ake tambaya ko yadda ake mamakin tsada. Abin da ya rage mata shi ne ba ta san cewa mai karatu ba ya jin muryarta ba. "Sai" ɗin nan da ta jera shi ne ayarta, don a baki shi ne yake raba mata aukuwa da aukuwa.

Gwajina na farko ya faɗi ƙasa warwas, kuma laifina ne. Na rubuta labari mai tsawo a tablo, na cusa masa kuskure 15 iri iri, wani babu aya, wani babu babban baƙi, wani alamar tambaya a inda ba ta dace ba, wani waƙafi ya yi yawa, na ce su kwafa a kaye sannan su gyara. Kwafar kaɗai ta cinye minti 25 cikin awa ɗaya da rabi da muke da ita. Da aka zo gyaran, yawancinsu kalmomi suka bi suna gyarawa, wannan ya canja "ƙ" zuwa "k", wancan ya haɗe kalmomin da na raba daidai, saboda su abin da suka sani da sunan fot shi ne na dikte, kuskuren baƙi. Alamomin kam ko kallonsu ba su yi ba. Mafi muni, sati na zagayowa na ga wani yaro ya rubuta "Na tafi gida?" a nasa rubutun, irin kuskuren da ni na ƙirƙira a tablo ya kwafa da hannunsa. Wato na biya alli na koya masa kuskuren da da can ba ya yi.

Daga nan na sauya tsarin, kuma ƙa'idojin da na bi ba su da yawa. Kuskure iri ɗaya kawai a kowane zama. Jimloli 6, ba fiye ba. Kurakuran daga takardunsu nake ɗebo su, in canja suna da wuri yadda ba za a gane mai shi ba, don yaran nan in suka gane na wane ne ya shiga uku har bakin famfo za a bi shi da tsiya. Mai kuskuren ba ya shiga kaye ko kaɗan, a tablo yake zama, a gyara shi a kan ɗan allon ardwaz, in an gama a goge, gyararren ne kaɗai ake kwafa. Kuma duk wanda ya gyara sai ya faɗi dalili da bakinsa, "haka ya fi kyau" ba dalili ba ne a wajena.

Sati biyu cur muka yi a kan iyakar jimla kawai, aya da babban baƙi, don in yaro bai san inda jimla ta tsaya ba maganar irinta ɓata baki ne. Dabarar da ta yi aiki ita ce karatu a bayyane daidai yadda aka rubuta. Na sa labarin tumatir ɗin nan a tablo, na ce wa wani yaro mai surutu ya karanta, amma da sharaɗi ba zai ja numfashi ba sai ya ga aya. Ya fara da ƙarfinsa, ya kai wajen "rage min" idonsa ya firfito, ya tsaya yana haki, zaure ya ɓarke da dariya. Na ce to laifin wa? Suka ce na mai rubutun ne Malam, bai ba shi wurin hutawa ba. A nan na kawo musu abin da suka riga suka sani, cewa kalmar aya da kalmar waƙafi duk daga Larabci Hausa ta aro su, kuma a karatun Alƙur'ani sun saba ganin ɗan da'irar nan da ke nuna ƙarshen aya, sun saba malamin allo yana cewa a yi waƙafi a nan. Nan take abin ya zauna musu.

Amma fa wannan dabarar ta numfashi tana da dafi, kuma na ɗanɗana shi. Yaro mai karatu a hankali yana numfashi bayan kowace kalma uku, to sai ya sa aya a nan: "Yaron da ya zo jiya. Ya tafi." Ko kuma "Da na isa kasuwa. Na ga mai tumatir." Numfashi yana nuna maka cewa ana buƙatar tsayawa a wani wuri, amma ba ya gaya maka ko wurin aya ne. Sai na ƙara musu gwaji na biyu wanda muka sa wa suna gwajin ƙofa. Ka ɗauki guntun da kake son rufewa da aya, ka ɗauka ka leƙo zaure ka faɗe shi shi kaɗai ka juya ka tafi. In ka ce "Na ga mai tumatir" ka tafi, mun ji, magana ta cika. In ka ce "Da na isa kasuwa" ka tafi, kowa zai bi ka da "sai me ya faru?" To duk guntun da ya bar mutane suna jiran sauran, bai kai aya ba, waƙafi ne haƙƙinsa. Har yi muke da gaske, yaro ya fita ya leƙo ya faɗa, sauran su yanke hukunci. 'Yan ayar ƙarshen layi su 6 ɗin nan da wannan suka warke, don da wuya layin kaye ya ƙare daidai inda gwajin ƙofa zai yarda.

Batun "sai" kuma ban hana shi ba, don Hausa ce ingantacciya, haka ake ba da labari. Na ce dai a jimla ɗaya kar ya wuce ɗaya, in ka ga na biyu duba ko wurin aya ne, kuma in ka sa ayar gwada cire shi ka ji ko maganar ta lalace. Mafi yawan lokuta ba ta lalacewa.

Sati na uku muka shiga ire-iren jimla, kuma ban fara da sunaye ba. Na rubuta abu ɗaya sau uku babu alama: "baba ya dawo". Na ce wa yara uku kowa ya karanta nasa, na raɗa wa na farko cewa yana ba innarsa labari ne, na biyu bai sani ba yana son a gaya masa, na uku kuma shekara biyu rabonsa da baban sai ga shi a ƙofa. Kalmomi uku iri ɗaya, murya uku daban. Na ce to ga alli, ku sa min muryar a tablo. Wannan shi ne abin da Hausa ta fi buƙata a wajen alamar tambaya, domin tambayar da amsarta e ko a'a ce sau da yawa ba ta canja ko kalma ɗaya, murya ce kawai take tashi a ƙarshe. "Ya dawo." da "Ya dawo?" babu abin da ya raba su a takarda in ba alamar ba. A Faransancin aji aƙalla akwai "eske" a farko ko a juya aikatau ya riga wakilin suna, yaro yana da abin kamawa da ido, a Hausa kuwa sau tari sai kunne.

Tambayar da na ba su su riƙa yi wa kowace jimla guda ɗaya ce: mai maganar nan me yake so daga wanda yake gaya wa? In so yake a sani, bayani ne, aya. In amsa yake jira, tambaya ce. In so yake a yi wani abu ko a bari, umarni ne. In kuwa ba ya neman komai, abin da ke ransa ne ya fito, mamaki ko murna ko tsoro, motsin rai ne. Sunayen Faransancin, deklaratif da enterogatif da sauransu, sai a sati na huɗu na liƙa su a kai, kuma ba su ba da wahala ba tunda dama sun haddace su, ma'anar ce babu.

Umarni ya ɗan ja mu. Yaran sun ɗauka duk umarni da alamar motsin rai yake ƙarewa, wataƙila don misalan da aka saba ba su a aji duk na tsawa ne. Na sa musu "Zuba ruwa kofi biyu a tukunya!" da "Don Allah miƙo min bik!" na ce a karanta yadda aka rubuta. Wata yarinya ta daka wa ta kusa da ita tsawa da don Allah ɗin, kowa ya ji abin bai yi ba. Umarni na lallami ko na nuna yadda ake abu aya yake ɗauka, sai in akwai tsawa ko gaggawa, kamar "Kauce, moto!", sannan ɗayar ta shigo. Haka kuma wasu sun so su mai da korewa iri na biyar, na nuna musu cewa kowane iri yana iya zuwa a kore: "Bai zo ba." bayani ne, "Bai zo ba?" tambaya ce, "Kar ka zo." umarni ne. A darasin Faransanci ma haka aka raba su, iri daban, siga daban, kuma a jarrabawa ana tambayar su biyun a tare, yaro ya rikice ya ba da ɗaya a madadin ɗaya.

Inda na fi koyon wani abu shi ne sati na biyar. A lokacin yaran sun zama mafarauta, da na rubuta jimla kafin in ajiye alli hannuwa sun tashi. Na ji daɗi har na fara yabon kaina. Sai wata Asabar na sa jimloli 6, ban faɗi adadin kurakuran ba, kuma uku daga ciki lafiyarsu ƙalau:

Ina za ka da wannan buhun.
Ina zuwa kasuwa da wannan buhun.
Ya tambaye ni ina zan je.
Wa ya fasa tulun nan.
Ban san wanda ya fasa tulun ba.
Ko ka ci abinci.

Na farko da na huɗu da na shida ne ke neman alamar tambaya. Da aka ɗaga alluna, yara 17 cikin 21 da suka zo ranar sun gyara duka shidan. Duka! Sun sa alamar tambaya a "Ina zuwa kasuwa da wannan buhun", don sun ga "ina". Ashe ba tambayata suke yi wa jimla ba, wata gajeriyar hanya suka gano da kansu: in ka ga ina, wa, me, yaushe, nawa, ko, buga alamar tambaya ka wuce. Kuma laifin atisayena ne, tunda sati biyu duk jimlar da na sa a tablo tana da kuskure, kuma duk mai "ina" tambaya ce. Na koya musu cewa abin da Malam ya rubuta dole akwai abin gyara a ciki.

"Ina" ɗin nan kuwa tarko ne na gaske a rubutun boko, tunda ba ma sa alamar karin sauti. A baki "ina" na neman wuri da "ina" na ni ina yin abu ba su yi kama ba ko kaɗan, na farko yana farawa ƙasa ya hau, na biyu yana farawa sama ya sauko, ko yaro ɗan shekara huɗu ba ya rikita su. A takarda kuwa baƙaƙe uku ne iri ɗaya. Haka "nawa" na tambayar kuɗi da "nawa" na mallaka, "Nawa ne?" da "Nawa ne." Wannan biyun na ba su a matsayin wasa, mai saye da mai kaya, ɗaya yana tambayar farashin rago ɗaya yana cewa ragonsa ne, kuma suka ga da idonsu cewa alamar ce kaɗai ke gaya wa mai karatu yadda zai furta kalmar tun daga farkonta.

Jimla ta uku ta fi wuya, har manya suna faɗawa ciki, ina gani a saƙonnin waya kullum. "Ya tambaye ni ina zan je." Akwai kalmar tambaya, akwai ma aikatau "tambaya" kanta, amma mai maganar labari yake bayarwa. Wani yaro, ɗan wani tela, ya yi min gardama sosai kuma na ji daɗin gardamar, ya ce Malam ai an yi tambaya a ciki. Na ce to amsa min ita. Ya buɗe baki ya rasa abin da zai amsa, sai ya ce ai ba ni aka tambaya ba. Na ce shi ke nan ka gama aikin, in babu amsar da ake jira daga mai karatu ko daga wani a cikin zancen a daidai wannan lokacin, aya ce. Sannan muka juya ta zuwa maganar baki da baki don su ga bambancin: Ya ce, "Ina za ka?" A nan tambayar tana raye, alamar ta shiga cikin alamun zance tare da ita.

Tun daga ranar kowane atisaye sai na sa jimla biyu ko uku marasa laifi, kuma wanda ya taɓa mai lafiya ana cire masa maki daidai da wanda ya tsallake mai kuskure. Wani lokaci in faɗi adadin kurakuran, wani lokaci in yi shiru. Sau ɗaya ma na sa shida duka daidai, suka yi minti 10 suna zarginsu, daga ƙarshe wata ƙaramar yarinya 'yar aji biyar ta ce a hankali, Malam kamar babu komai fa. Ranar na saya mata makala.

Waƙafi ban zurfafa ba, sati ɗaya kawai, wurare uku: jerin abubuwa, bayan guntun da gwajin ƙofa ya ƙi, da kiran suna. Na kiran suna shi ya fi shiga, don wasa muka yi. Akwai wani yaro da zan kira Sale a nan. Na rubuta "Kama Sale!" na ce a aikata, yara huɗu suka rufar masa. Na ƙara waƙafi, "Kama, Sale!", na jefa masa alli ya cafke. Sauran alamomin, ruwa biyu da waƙafi mai ruwa, na bar su da gangan, yaron da bai daɗe da samun aya ba in ka ɗora masa waƙafi mai ruwa zai zuba shi ko'ina ne kawai don sabo ne. Abu ɗaya na ja musu kunne a kai wajen ƙetarawa: a bugun Faransanci ana barin ɗan fili kafin alamar tambaya da ta motsin rai, kuma alamun zancensu masu kusurwa ne kamar kan kibiya biyu, a Hausar boko kuwa alamar manne take da kalmar ƙarshe.

To amma duk wannan a tablo ne, kuma gyara jimlar wani ba shi ne rubuta taka ba. Na gane haka a sati na shida da na karɓi kayensu na lakol na duba: yaron da yake cin 6 bisa 6 a zaurena, redaksiyon ɗinsa na ranar Litinin har yanzu kogin Binuwai ne, babu gaɓa. Dalilin a fili yake, lokacin da yake rubutu hankalinsa yana kan abin da zai faɗa da yadda ake rubuta kalmomin Faransanci, babu sauran wuri a kansa na alama. A atisaye kuwa an riga an yi masa duk wannan, alamar kaɗai aka bar masa.

Sai na dawo musu da takardunsu na ranar farko, na kasuwa, waɗanda na ɓoye. Ban gyara komai a ciki ba, ɗigo kawai na sa da fensir a gefen duk layin da ke da matsala, ɗigo biyu in matsala biyu ce, ban nuna wurin ba. Kowa ya nemo nasa, sannan ya ba na kusa da shi ya karanta masa a bayyane daidai yadda alamomin suka ce, mai rubutun yana saurare. Wannan sauraren ya fi jan bik ɗina aiki nesa ba kusa ba, don yaro yana jin an karanta "nawa ne kashi" a shimfiɗe kamar labari sai ya ce a'a ba haka na ce ba, a ce masa to haka ka rubuta. Sati biyun ƙarshe haka muka yi ta yi, rubutu sabo na layi 6 zuwa 8, a ajiye bik minti 5, a dawo a bi shi sau biyu, zagaye na farko don iyakar jimla kawai, na biyu don irinta. Asabar da Hausa, Laraba da Faransanci. Na kuma rage musu ɗigon a hankali, daga gefen layi zuwa adadi kawai a ƙasan shafi, daga nan babu komai.

Ga yadda mai labarin tumatir ta mai da nata da hannunta:

Inna ta aike ni kasuwa. Da na isa, na ga mai tumatir. Na ce, "Nawa ne kashi?" Ya ce dala ashirin. Na ce, "Kai, ya yi tsada! Rage min." Ya ce in kawo sha biyar, sai na ba shi na dawo gida.

Ni ban ce ta mai da "kawo sha biyar" zuwa "ya ce in kawo" ba, ita ta ga alamun zance sun yi mata yawa ta sauya.

A Asabar ta ƙarshe na sake ba su aiki irin na farko, layi 10, wannan karon kan ranar da aka ɗauke wuta a gidansu, kuma ban tuna musu komai ba. Yara 22 suka rubuta. Masu kwararo babu aya sun sauko daga 9 zuwa 2, 'yan ƙarshen layi babu ko ɗaya. Alamar tambaya ta bayyana a duk inda aka yi tambaya kai tsaye in ban da takardu 3, kuma ba wadda ta juya baya. Amma tambayar cikin labari, irin "na tambaye shi yaushe za a kawo wuta", yara 8 sun sake sa mata alamar tambaya, wato wannan bai zauna ba, sati ɗaya bai ishe shi ba. Alamar motsin rai kuma ta zama abin ado, wata ta jera uku a jimla ɗaya kamar yadda take gani a wayar yayarta. 'Yan waƙafi 5 ɗin nan biyu ne kawai suka rage zubawa, su ne na fi zalunta da dabarar numfashi tun farko, da zan sake da ban fara da ita a gabansu ba. Kuma ba zan ce duk ci gaban daga zaurena yake ba, yaran suna zuwa lakol kwana biyar a sati, metir ɗinsu ma suna nasu aikin, ga shi ban da wani rukunin yara da zan gwada su da shi.

Biyun da har yanzu ba sa sa aya, da na zauna da su ɗaya bayan ɗaya na ga matsalarsu ba ta alama ba ce, karatun ne kansa, gaɓa gaɓa suke haɗa kalma, kafin su kai ƙarshen jimla sun manta farkonta, don haka babu muryar da za su ji balle su sa mata alama. Su na cire su daga gyaran kuskure gaba ɗaya, na mai da su karatu a bayyane minti 15 kafin sauran su iso. Ɗan maƙwabciyata yana cikin waɗanda suka warware, redaksiyon ɗinsa na Maris jimla 9 ne, ayoyi 8, ta tara ya manta ta a ƙarshen shafi don an kaɗa ƙararrawa. Uwar ta aiko min da kwanon dambu, ta ce a tambaye ni ko cikin hutun Afrilu zan karɓi ƙanwarsa 'yar aji huɗu.